Ƙwayar da Ta Tsiro Daga Kunnen Kawu

Aikina a asibiti noman ƙwayoyin cuta ne. Haka nake gaya wa dangi idan sun tambaya, don ya fi saurin shiga. Ana kawo mini fitsari, ko majina, ko mugunya a kan tsinke mai auduga. In shafa a faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin, in sa a akwatin ɗumi, in dawo washegari in ga abin da ya tsiro. Idan na gane wace ƙwaya ce, sai in shimfiɗa ta a wani farantin, in jera ƙananan faya-fayan takarda a kanta, kowane faifai da maganin da aka jiƙa shi da shi. Maganin da ke kashe ta, za ka ga fili fes kewaye da faifansa. Wanda ba ya yi mata komai, za ta tsiro har gindinsa. Faɗin filin nake aunawa in aika wa likita. Yawancin masu fitsarin da majinar ban taɓa ganin fuskarsu ba, kuma hakan bai taɓa damuna ba.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Masunci ne a wani ƙauye ta wajen Baturiya, yana kuma taɓa noman shinkafa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Yana da ciwon suga da ya daɗe, yana shan magani idan ya tuna. Tun yana saurayi yake nutso, ko don ɗaga mali, tarkon kifin da ake nutsarwa a ruwa, ko don kwance taru idan ya sarƙe a saiwar ciyawar kachalla. Kunnensa bai taɓa bushewa na tsawon mako ba.

Ciwon ya fara da ƙaiƙayi a kunnen dama, ya koma zafi, daga baya ruwa ya fara fita. Ya je kemis ranar kasuwa aka ba shi wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake kira sifuro, na ɗigawa da na sha. Ya ji sauƙi ya bari. Ciwo ya dawo, ya koma ya saya. Haka ya yi ta yi tun daga bazara har ruwa ya sauka sosai. Da zafin ya kai ba ya iya tauna tuwo, babban ɗansa, wanda ke fataucin bandar kifi, ya ɗauke shi zuwa Kano. A can aka yi masa hoton kai, aka ce cutar ta wuce fatar kunne ta fara cin ƙashin da ke bayansa, abin da ke faruwa ga dattawa masu suga. Aka kwantar da shi aka sa masa merofenem ta jijiya, wanda a wajenmu shi ne babban makami. Ya ji sauƙi da sauri. Likitocin suka ce irin wannan ciwo sai an yi makonni ana magani, shi kuwa ya ji labarin ruwa ya fara ja da baya, kifi ya taru a tafkuna. Ya ce a sallame shi. Suka yi, suka yi, ya ƙi, ya dawo gida.

Bai yi wata guda ba aka kawo shi asibitinmu a Haɗeja. Na je ɗakin maza na same shi zaune a bakin gado, ya dafe gefen kai. Bakinsa ya karkace zuwa hagu, idon dama ba ya rufuwa duka.

Na ce, "Kawu, ya jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi, Uwata. Kunnen ne ya ƙi."

Likitar ɗakin mace ce, ta girme ni kaɗan, ba ta da yawan magana. Ita da kanta ta ɗebo mugunyar daga can cikin kunnen, ta ba ni a hannu. Ta san kawuna ne. Ta tambaye ni ko ina so wani ya yi gwajin. Na ce zan yi.

Washegari na buɗe akwatin ɗumi na gane ta tun kafin in ɗaga murfi sosai. Farantin ya yi kore-kore, yana wani ƙamshi mai zaƙi da ba ya kama da na cuta. Sudomonas ce. Ƙwayar ruwa da danshi ce, tana cikin kududdufi, tana bakin famfo, tana son kunnen mai suga. Na tabbatar da ita, na shimfiɗa, na jera magunguna.

Farantin da ya fito bai yi kama da wanda na saba gani ba. Sifuro, ta tsiro har gindinsa, wannan ban yi mamaki ba. Merofenem, filinsa ɗan siriri ne, bai kai a dogara da shi ba. Amma seftazidim, tsohon magani da ke ƙasa da merofenem a jerin da muke bi, ya yi fili mai faɗi, tsaf, babu ko ɗigo a ciki. Na auna, na sake aunawa. Na duba kwalbar faya-fayan ko lokacinsu ya wuce, bai wuce ba. Na ɗauki farantin a hannu na tafi ofishin likita.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Babban ya faɗi, ƙaramin yana tsaye."

Na ce, "Haka na gani."

"Kin yarda da shi?"

Na ce ban gama yarda ba. Dalilinmu ɗaya ne. Hanyar da muka fi sani ƙwaya ke guje wa irin waɗannan magunguna ita ce ta fitar da wani sinadari, enzayim, ya datse maganin kafin ya yi aiki. Mafi yawan enzayim ɗin da ke iya datse merofenem a wannan ƙwayar, yana datse seftazidim ma. Idan shi ne a kunnen Kawu, to filin nan mai faɗi kuskure ne, ko nawa ko na faifan. Idan aka bi shi, za a yi kwanaki ana zuba masa maganin da ba ya aiki, cutar tana ƙara cin ƙashi.

Abin da ya rage idan aka bar seftazidim bai da daɗi. Akwai amikasin, wanda ya yi fili a farantin, amma idan aka daɗe ana bayarwa yana taɓa ƙoda, yana taɓa ji. Akwai kolistin, shi ma ƙodar yake ci. Gwajin jinin Kawu ya riga ya nuna sugan ya fara gajiyar da ƙodarsa.

Likita ta ce, "Ko kuma ba datse shi take yi ba. Hana shi shiga take yi."

Ni ma abin da nake tunani ke nan tun a hanya. Sudomonas tana da fata biyu, ta wajen tana da tsauri. Merofenem da ɗan'uwansa imifenem suna shiga ne ta wata 'yar kafa ta musamman da ƙwayar ke ɗibar abinci ta ciki. Idan aka fara ba ta maganin aka bari a tsakiya, waɗanda suka tsira sukan zama waɗanda suka rasa wannan kafar, sai su hayayyafa su cike gurbi. Seftazidim ba ta nan yake bi ba, don haka rufe kafar bai shafe shi ba. Mun san wannan a karatu, ni da ita. Amma ba za a sa wa mutum magani na makonni a kan zato ba.

Na ce mata akwai gwajin da zan iya yi da abin da ke hannuna. Ta ce in yi, in kuma sake gwada seftazidim da faifai daga wata kwalbar. Kafin nan ta sa a fara ba shi seftazidim ɗin, don barinsa babu komai ya fi haɗari, ta kuma mayar da shi kan allurar suga, insulin.

Gwajin ba shi da wuya. Na zuba romon da muke renon ƙwayoyi a kwalabe biyu. A ta farko na dama ƙwayar Kawu da yawa har romon ya gurɓace. A ta biyu na dama wata ƙwaya da nake ajiye da ita a firiza, wadda wata abokiyar karatuna a Kano ta ba ni, an tabbatar tana da enzayim mai datse merofenem. Na jefa sabon faifan merofenem a kowace kwalba, na rufe, na sa a ɗumi daga hantsi har bayan azahar. Sannan na tsamo faya-fayan biyu na ɗora su a kan farantin da na shimfiɗa wata ƙwaya mara wayo, wadda merofenem ke kashewa ba gardama. Idan an cinye maganin a cikin kwalba, faifan zai fito fanko, ƙwaya mara wayo za ta tsiro a kansa. Idan ba a taɓa shi ba, zai kashe ta kamar kullum.

Da yamma babban ɗan Kawu ya tare ni a barandar ɗakin maza. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Ya ji daga ma'aikatan jinya cewa ba allurar Kano ake yi wa mahaifinsa ba.

Ya ce, "Ke da kike ciki, me ya sa ba za a sa masa waccan ba? Da idona na ga yadda ta tashe shi."

Na ce, "Yaya, ta tashe shi a lokacin. Yanzu ƙwayar ta canza."

"To a ƙara masa yawanta. Ko a haɗa masa da irin wanda ake cewa mai gadi. Mai kemis ya ce akwai."

Na gane abin da yake nufi. Akwai magungunan da ake haɗawa da wani sinadari mai tare enzayim, ya riƙe shi, maganin ya samu ya wuce. Na ce masa gadin yana da amfani ne idan akwai mai datsewa. Idan ƙofa aka rufe, maganin da mai gadinsa duk a waje za su tsaya. Ya ce shi dai ya yi magana da direba, gobe za su koma Kano. Na ce ya jira gobe da hantsi, zan nuna masa wani abu. Ya koma ciki wajen matar Kawu, wadda ke zaune a tabarma gefen gado tana fifita mijinta, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Barbarci irin na gidansu.

Da safe na buɗe akwatin. Faifan da ya sha wanka da ƙwayar abokiyata ta Kano ya mutu, an tsiro a kansa ko'ina. Faifan da ya yi rabin yini a cikin ƙwayar Kawu ya fito da ransa, fili kewaye da shi kamar yanzu aka ciro shi daga kwalba. Seftazidim na biyu kuma ya ba da faɗi irin na farko. Na tsaya na kalli farantin na ɗan lokaci, sannan na wanke hannu na kira likita.

Ta zo ɗakin gwajin da kanta, abin da ba ta cika yi ba. Ta duba, ta gyaɗa kai. Ta kira wani likitan kunne a Kano ta waya, ta karanta masa abin da muka samu, suka yi magana a kan yawan maganin da ƙodar Kawu za ta ɗauka. Shi ma ya ce a tsaya a kan seftazidim, a bayar da iyakar abin da jikinsa zai jure, kuma kada a tura shi da sirinji lokaci guda, a sa a ruwan leda ya riƙa ɗiga a hankali na awanni, don irin wannan maganin yana aiki ne gwargwadon tsawon lokacin da ya zauna a jini da ƙarfinsa.

Ba a fita da faranti mai ƙwaya zuwa ɗakin marasa lafiya, don haka na ɗauki hotonsa a waya. Na same su su uku, Kawu da matarsa da Yaya. Na nuna wa Yaya faya-fayan biyu, na gaya masa abin da na yi da kowanne. Ya karɓi wayar ya faɗaɗa hoton da yatsu.

Ya ce, "Wato maganin yana nan lafiya, ita ce ba ta barinsa ya shiga."

Na ce, "Haka ne."

Kawu ya miƙo hannu aka ba shi wayar. Ya kalla da idonsa na hagu. Maganarsa tana fita ta gefe ɗaya. Ya ce, "Uwata, ita kuma ƙwayar maganin kemis da na sha buhu guda, me ya same ta?"

Na zauna a kujerar roba na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce shi sifuro idan ya shiga cikin ƙwayar, akwai wani abu guda da yake kamawa, wanda ke warware mata zaren gadon halittarta idan za ta rabu biyu. Da ya riƙa sha yana bari, waɗanda suka rage su ne waɗanda siffar abin nan ta ɗan sauya a jikinsu, maganin ya zo bai sami inda zai riƙe ba. Na ce bayan wannan, ƙwayar tana da wasu famfuna a jikin fatarta masu turo abin da ba ta so waje, kuma wasu sukan ƙara yawansu. Famfon ba ya zaɓen magani ɗaya. Wanda ke fitar da sifuro yana fitar da merofenem ma. Ga kafa a rufe, ɗan abin da ya samu ya shiga kuma ana turo shi waje.

Kawu ya ce, "Kwarfa take yi. Jirgi na shan ruwa, tana kwarfewa."

Na ce, "Kusan haka."

"Wannan na ledar fa, ba ta kwarfe shi?"

Na ce tana taɓawa kaɗan, amma yana shiga fiye da yadda take fitarwa, shi ya sa ya yi fili a faranti. Na kuma gaya masa gaskiya cewa ban ga famfon da idona ba, ban ga kafar ba. Ɗakin gwajinmu ba shi da na'urar da ke nuna su. Abin da na tabbatar shi ne ba ta cinye maganin, sauran daga yadda farantin ya fito muka gane. Likita, wadda ta shigo tana tsaye a ƙarshen gadon, ta ce ta yi waya da likitan kunne a Kano, shi ma a kan seftazidim ya tsaya, ta ƙara da cewa wannan ƙwayar tana iya koyon guje wa seftazidim ɗin ma ana cikin bayarwa, musamman idan aka yi mata wasa. Ta ce, "Baba, idan ka tafi a tsakiya wannan karon, ban san abin da zan ba ka ba idan ka dawo."

Yaya ya ce har yanzu shi ya fi natsuwa da Kano. Kawu ya ce, "A Kano ma wannan za su sa mini, ka ji ta yi waya. Nan ko ba komai ana kawo mini miyar gida. Sallami direban."

Ya zauna. Zaman ya yi tsawo, ya fi wata guda da kwanaki. Sau uku a yini ake rataya ledar, kowace tana ɗaukar awanni, don haka yawancin wuninsa hannunsa ɗaya a miƙe yake. Jijiyoyinsa suka yi ta toshewa ana canza wuri, daga hannu zuwa hannu. Ana tsaga yatsarsa a duba suga safe da yamma. Ya yi faɗa da mai kawo abinci a kan fura, aka hana shi, ya sa matarsa ta ɓoyo masa a kwanon miya, ma'aikaciyar jinya ta gano. Ana goge masa kunnen kullum, ana ɗiga masa magani a idon da ba ya rufuwa don kada ya bushe. Daga ƙauye labari yake zuwa masa: wane ya kama tarwaɗa kaza, tafkin gabas ya ƙafe da wuri, kachalla ta toshe mashigin da suka share bara. Da ya gaji da zama sai ya sa aka kawo masa wata tsohuwar komar kamun kifi, yana ɗinke ta da hannu ɗaya da taimakon babban yatsan ƙafa.

Ni nakan leƙa shi kafin in shiga aiki da kuma lokacin tashi. A cikin mako na biyu zafin ya ragu har ya fara tauna nama. Ruwan kunnen ya ragu amma bai tsaya ba, likita ta sake ɗebowa ta aiko mini. Wannan farantin na fi jin nauyin buɗe shi fiye da na farko. Ƙwayar ta tsiro, 'yan ɗigo kaɗan. Na shimfiɗa ta na sa seftazidim, na jira wata ranar. Filin yana nan da faɗinsa. A karo na uku da aka aiko, babu abin da ya tsiro. Gwajin ƙodarsa bai motsa daga inda yake ba.

A kwanakin nan wasu faranta sun ci gaba da zuwa kamar kullum. Wata mata daga Birniwa, fitsarinta ya fito da ƙwaya mai enzayim, irin wadda na saba. Wani yaro daga Kafin Hausa, ƙurjin ƙafarsa ya fito da wadda ta canza wurin da maganin ke kamawa, iyayensa sun yi ta saya masa mai gadi bai yi ba. Na rubuta sakamakonsu na aika. Ban san yadda suka ƙare ba.

Da aka gama maganin, Yaya ya kai shi Kano likitan kunne ya duba, ya ce ramin ya warke, a ci gaba da lura da suga. Idon ya dawo yana rufuwa. Bakin bai miƙe duka ba, idan ya yi dariya gefe ɗaya ke tafiya. Jin kunnen dama ya ragu sosai, sai ka zagayo ta hagunsa. An hana shi nutso har abada. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, ko da yake bai faɗa ba, matarsa ce ta gaya wa mahaifiyata.

Na je ƙauyen da rani, lokacin da ake ban-ruwan shinkafa, injuna na ta ƙara a bakin kogi. Na same shi a gindin wata giginya kusa da inda ake banda, yana zaune a kan jirgin da aka kife, yana sa wa wasu magidanta biyu ido suna shafa masa kwalta. Ya juyo mini da kunnen hagu muka gaisa. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi allurar suga, ya ce yana yi, matarsa daga bayan danga ta ce wani lokacin dai. Ya ce yanzu shi ke tuƙi, wasu ke shiga ruwan, kuma ba su iya kwance taru ba, yanka shi suke yi. Da zan tafi ya sa aka ɗaure mini busasshen kifi karfasa a kwali. Na hau babur zuwa bakin titi, na sami motar Haɗeja ta kusa cika.